Kwana goma sha biyu babu sauƙi: a sauya wa Hajiya maganin damuwa ko a jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu mai shekara 58 ce likita ya ce tana da ciwon damuwa, ya ɗora ta a kan fulokzetin miligiram 20 kowace safiya. Yau kwana 12 ke nan ba mu ga sauƙi ba, sai ma tashin zuciya da rashin barci. Mai kemis ya ce mu sayi amitiriftilin, ya fi araha kuma yana sa barci. Tana da hawan jini, kuma takan sha taramadol idan ciwon baya ya matsa mata. Mu sauya, ko mu haɗa mata duka biyun? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri bisa kulawar da kuke yi mata. Kada ku sauya maganin da kanku, kuma kada ku haɗa biyun. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ma shi ne taramadol, kuma saboda shi nake roƙonki ki koma da ita wurin likitan da ya rubuta maganin yau ko gobe, ba sai ranar da aka ba ku ta zo ba.

Bari in fara da batun jinkiri, domin shi ne ya jefa ku cikin shakka. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna isar da saƙo ga juna ta hanyar sakin sinadarai a ɗan tsakanin da ke raba su, kuma ɗaya daga cikin sinadaran nan shi ne sirotonin. Bayan jijiya ta saki sirotonin ya isar da saƙo, sai ta sake zuƙe shi ta mayar ciki. Magungunan rukunin SSRI, irin su fulokzetin da satiralin, aikinsu shi ne toshe wannan hanyar zuƙewa, kuma suna toshe ta cikin sa'o'i kaɗan da shan ƙwaya ta farko. To me ya sa mutum ba ya warwarewa a ranar? Bayanin da masana suka fi dogara da shi shi ne jijiyar tana da nata birki, wani makarɓi da ake kira 5-HT1A, wanda da zarar ya ji sirotonin ya yawaita a kewaye sai ya umarci jijiyar ta rage sakinsa. Don haka a kwanakin farko maganin yana turawa, birki yana riƙewa. Sai an ɗauki makonni ana shan maganin ba fashi sannan birkin ya sassauta, sannan kuma wasu sauye-sauye masu tafiyar hawainiya su biyo baya a haɗuwar jijiyoyin kansu.

A aikace, sauƙi yakan fara bayyana tsakanin mako biyu zuwa huɗu, cikakken amfani kuma yana iya kaiwa mako shida zuwa takwas. Illolin su ne ke riga zuwa, domin mafi yawan sirotonin na jiki a hanji yake, kuma hanji ba ya jira, shi ya sa tashin zuciya ke zuwa tun makon farko, kuma galibi yakan lafa da kansa, musamman idan ana shan ƙwayar bayan karin kumallo. A kwana 12 Hajiya tana daidai wurin da mutane da yawa ke jefar da magani, sun ɗanɗani wahalarsa ba su kai ga amfaninsa ba, kuma wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Ku lura da ƙananan alamu, domin sau da yawa 'yan gida ke fara ganinsu kafin mai ciwon: ta ƙara cin abinci, ta fito tsakar gida, ta tambayi jikoki. Idan an cika mako huɗu babu ko alama, a nan ne likita zai duba ƙarin adadi ko sauyi. Idan kuwa ta fara maganar mutuwa ko ta kasa zama wuri ɗaya saboda ɗimuwa, ba a jiran komai, asibiti za a nufa.

Amitiriftilin ba maganin banza ba ne. Yana cikin tsohon rukunin da ake kira masu zobe uku saboda siffar sinadarinsu, rukunin da ya fara da imifiramin, wanda likita Roland Kuhn ya bayyana amfaninsa a Suwizalan a 1957. Babban nazarin da aka buga a mujallar Lancet a 2018, wanda ya kwatanta magungunan damuwa 21, ya sanya amitiriftilin cikin mafi tasiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da fulokzetin duka a jerin muhimman magunguna. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa kan sirotonin da ɗan'uwansa noradirenalin, wani sinadarin isar da saƙo, kaɗai, yana taɓa wasu makarɓai da dama, kuma daga nan ake samun bushewar baki, taurin bayan gida, wahalar fitsari, dishi-dishin gani, da jiri idan an miƙe tsaye, wanda ga mai shan maganin hawan jini yana iya kai ta ƙasa. Yana kuma taɓa lantarkin zuciya, har ƙwayoyin mako biyu idan aka haɗiye su lokaci guda suna iya kisa, alhali samun irin wannan da fulokzetin shi kaɗai abu ne mai wuya. Wannan tazara ta aminci ce ta sa SSRI ya zama zaɓin farko tun bayan fitowar fulokzetin a Amurka a ƙarshen 1987. Ba wai ya fi tsoffin ƙarfi ba ne.

Barcin da mai kemis ya ambata gaskiya ne, yana zuwa tun daren farko da miligiram 25, amma barci daban, warkewar damuwa daban. Adadin da ke maganin damuwa yakan kai miligiram 75 zuwa 150, ana hawansa a hankali, kuma shi ma sai an jira makonni. Haɗa su kuwa ya fi muni, domin fulokzetin yana danne wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 wanda ke taimakawa wajen fitar da amitiriftilin daga jiki, sai ƙaramin adadi ya taru a jini ya zama babba. Kuma fulokzetin yana daɗewa a jiki makonni bayan an daina shi, saboda haka ko sauyawa za a yi, aikin likita ne.

Rukuni na uku, masu danne MAO, da wuya ki gamu da su a kemis. MAO sinadari ne da ke rusa sirotonin da 'yan'uwansa bayan sun gama aiki, kuma an gano amfanin danne shi ne a farkon shekarun 1950, lokacin da aka lura masu tarin fuka da ake ba ifironiyazid suna samun walwala. Irin su fenelzin suna aiki ga wasu da sauran magunguna suka gaza musu, amma mai shansu dole ya guji abincin da aka tsima ya daɗe, kamar tsohon cuku na Turai, domin sinadarin tayiramin da ke ciki yana iya harba jini sama farat ɗaya. A nan gida, daddawa na cikin abin da ya kamata a tambayi likita a kai.

Yanzu ga taramadol. Mutane sun san shi da kashe ciwo, amma kaɗan ne suka san cewa shi ma yana hana zuƙe sirotonin da noradirenalin, kamar dai maganin damuwa. Idan magunguna biyu suka tura sirotonin sama tare, yana iya ambaliya a ƙwaƙwalwa da laka, ya zuga makarɓai fiye da kima, musamman wanda ake kira 5-HT2A, sai a sami abin da likitoci ke kira gubar sirotonin. Ba ta jiran makonni, cikin sa'o'i take zuwa, galibi kafin a cika kwana ɗaya da ƙara sabon magani ko ƙara adadi. Mafi munin haɗi shi ne mai danne MAO tare da SSRI, domin an toshe hanyar zuƙewa an kuma toshe hanyar rusawa, shi ya sa ake barin tazarar mako biyu tsakaninsu, mako biyar idan daga fulokzetin aka fito. A birnin New York a 1984, wata budurwa mai shekara 18, Libby Zion, wadda ke shan fenelzin, ta rasu a asibiti bayan an yi mata allurar fetidin, wani maganin kashe ciwo, kuma likitoci da yawa suna danganta rasuwarta da wannan guba.

Haɗin Hajiya bai kai wannan haɗari ba, amma na gaske ne, kuma yana da ƙarin aibi biyu. Taramadol yana buƙatar CYP2D6 domin hanta ta juya shi zuwa siffar da ta fi kashe ciwo, to tunda fulokzetin ya danne sinadarin, ciwon baya ba zai lafa yadda ta saba ba, sai ta ƙara ƙwaya ta biyu, alhali ɓangaren da ke tara sirotonin shi ne ke ƙaruwa a jini. Sannan haɗin yana ƙara yiwuwar jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ki ɗauka wata ranar ta sha fulokzetin da safe, ta sha taramadol biyu da azahar. Da magariba sai ta kasa natsuwa, gumi yana keto mata, hannu yana rawa, zuciya tana bugawa da sauri, ga gudawa, ga jiki da zafi. Kusan kowa a gida zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma nan ne kuskuren ke aukuwa. Alamar da ke bambanta su tana ƙafa: idan ma'aikacin lafiya ya tura tafin ƙafarta sama da sauri ya riƙe, sai ƙafar ta riƙa bugawa da kanta a jere, idan ya buga gwiwa sai ta yi tsalle fiye da kima, kuma baƙin ido yakan buɗe. Idan abin ya tsananta tsokoki suna sandarewa, zafin jiki yana iya wuce digiri 41, ƙoda ta lalace. Wannan zafin daga aikin tsoka yake fitowa, don haka farasitamol ba ya sauke shi. A asibiti ana tsayar da magungunan duka, a ba da diyazefam don kwantar da tsoka, a ƙara ruwa, a sanyaya jiki, kuma yawancin waɗanda aka kai da wuri suna farfaɗowa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ko da yake da fulokzetin yana iya jan lokaci.

Idan za ku je wurin likita, ku zuba duk abin da take sha a leda ku tafi da shi, har da maganin hawan jini, da na gargajiya, da na tari, domin wasu ruwan maganin tari suna ɗauke da dekstirometofan, wanda shi ma ke ƙara sirotonin. Ku gaya masa sau nawa take shan taramadol a mako. Idan jefi-jefi ne, a ajiye shi daga yau, a riƙe ciwon bayan da farasitamol kafin a ga likita. Idan kullum ne tsawon watanni, yanke shi lokaci guda zai wahalar da ita, sai a nuna muku yadda za a rage. Ku kuma gaya masa batun barcin, domin akwai abin da zai iya yi a kai ba tare da an watsar da kwana 12 da aka riga aka ci ba. Idan sauƙi ya samu, da yardar Allah, za ta ci gaba da shan maganin aƙalla wata shida bayan ta warware, kuma ranar dainawa likita ne zai tsara ta.