Aji, Daraja da Iko: Kalmomi Uku da Ake Cakuɗawa

Tambaya: Malam, ina karatun ilimin zamantakewa, kuma an koya mana cewa ana rarraba mutane hawa-hawa ta hanyar aji da matsayi da iko. Ni dai a kunnena duk babban mutum ake nufi. Mene ne ya raba su, kuma wace kalmar Hausa ce ta dace da kowanne?

Amsa: Ɗana, kunnenka bai yi laifi ba, domin a maganar yau da kullum muna kiran attajiri da malami da mai muƙami da suna guda, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da abubuwan uku. Wanda ya fi shahara da warware su shi ne Max Weber, masanin nan na ƙasar Jamus da ya rayu daga 1864 zuwa 1920. Kafin shi, Karl Marx ya ɗora bayaninsa a kan tushe guda, wato mallakar hanyoyin samar da dukiya: akwai masu gonaki da masana'antu, akwai kuma waɗanda ba su da abin sayarwa sai ƙarfin jikinsu, kuma a ganinsa girma da mulki daga nan suke tsirowa. Weber ya yarda da muhimmancin dukiya, sai dai ya nuna cewa ma'auni uku ne, kuma mutum yana iya yin sama a ɗaya ya yi ƙasa a sauran.

Mu fara da aji, domin a nan ne harshenmu ya fi yi wa ɗalibai tarko. A wannan fanni, aji yana nufin rukunin mutanen da damarsu ta rayuwa ta yi kama da juna saboda abin da suke da shi na kawowa kasuwa, ko kadara ce, ko jari, ko ƙwarewar da ake biya, ko ƙwadago tsura. Ba sai sun san juna ba, kuma ba sai sun ji cewa su jama'a ɗaya ne ba. Ma'aikata biyu masu albashi ɗaya a ƙasashe biyu suna iya zama a aji ɗaya alhali ba su taɓa jin labarin juna ba. Amma idan matasa suka ce wance mai aji ce, abin da suke nufi shi ne kamun kai da tsabta da iya sa sutura da ƙin zubar da girma, kuma babu wanda ya leƙa asusunta kafin ya faɗi haka. Wannan ajin na bakin titi a gidan daraja yake zaune. Saboda haka ina ba ka shawara, duk lokacin da za ka rubuta, ka ce ajin tattalin arziki a karon farko, domin mai karatu ya san inda ka dosa.

Na biyun ka kira shi matsayi, ni kuwa na fi son daraja, kuma ina da dalili. Matsayi daga tsayawa yake, wato wurin da mutum ya tsaya, kuma kalmar tana da faɗi har ta yi yawa: ana cewa matsayin darakta, ana cewa matsayin uba, ana cewa matsayin gwamnati a kan wata magana. Daraja kuwa daga Larabci muka aro ta, inda asalinta take nufin matakala, kuma a Hausa ta ɗauki ma'anar ƙimar da mutane suke ba wani. Abin da Weber yake nufi ke nan: girmamawar da jama'a suke yi wa mutum saboda asalinsa, ko iliminsa, ko sana'arsa, ko irin rayuwar da yake yi. Kasuwa ce take yanke wa mutum aji, daraja kuwa a idon mutane take, kuma shi ya sa karin maganar nan da ke cewa giwa a garin wani zomo ce ta yi daidai da ita sarai. Wanda ya yi ƙaura da dukiyarsa zai iya sayen gida a ranar da ya sauka, amma gaisuwar da ake russuna masa a inda ya baro ba ta shiga jaka. Masu bincike suna gane iyakar rukunin daraja ta hanyar duba wa yake auren 'yar wa, wa yake zama majalisar wa, da wace sana'a ce ake jin kunyar a ga ɗan gidan yana yi ko da tana kawo kuɗi. Sai ka kula kada ka haɗa ta da mutunci, wanda kowane ɗan Adam yake da haƙƙinsa, talaka ne ko basarake. Ita daraja hawa-hawa ce, kuma ba ta da ma'ana sai an kwatanta wani da wani.

Iko shi ne damar da mutum yake da ita ta zartar da nufinsa a cikin mu'amala da wasu, ko da sun ƙi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ma'aunin: ka duba abin da yake faruwa idan an ce masa a'a. Hausa ta raba gida biyu a nan da kanta. Akwai fin ƙarfi, wanda aka ce a kansa tilas ba ta rasa ɗakin kwana, akwai kuma mulki, inda masu bi suke ganin mai umarni yana da haƙƙin ba da shi, ko don gado da al'ada, ko don baiwar da suke gani a jikinsa, ko don doka da muƙami. Weber ya kira ma'auninsa na uku, wato wannan na iko, da sunan jam'iyya, yana nufin duk ƙungiyar da aka shirya domin neman iko, ko a majalisar ƙasa ko a cikin ƙaramar ƙungiyar ma'aikata. Masu cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi sun hango wannan, da sharaɗin cewa yawan ya zama shiryayye, domin taron da ba shi da tsari ba ya tilasta wa kowa komai.

Misalin da na fi so, domin ya nuna ukun suna jan igiya a fili, shi ne ƙasar Japan a zamanin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868. A tsarin da malaman wancan zamani suka bayyana, mayaƙan da ake kira samurai su ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, 'yan kasuwa kuma su ne a ƙarshe, saboda ana ganin ba su samar da komai sai cin riba daga gumin wasu. Samurai yana da haƙƙin rataya takuba biyu, kuma ana biyansa da shinkafa, da wani ma'auni mai suna koku, wanda ya kai kimanin lita 180. To amma zaman birni kuɗi yake buƙata, saboda haka dole ya kai shinkafarsa wurin dillali, kuma da yake rabonsa a ƙayyade yake alhali buƙatu suna ƙaruwa, sai ya riƙa karɓar bashi a kan rabon baɗi. A hankali mutumin da ke saman matakalar daraja ya zama mai bashi a wuya, wanda yake ƙasanta kuma ya zama mai binsa.

Da dukiya ita kaɗai ce take yanke hukunci, da labarin ya ƙare a nan, amma a shekarar 1705 hukumar shogun, wato shugaban mayaƙa na gidan Tokugawa da ke mulkin ƙasar, ta ƙwace dukiyar Yodoya Tatsugoro, magajin ɗaya daga cikin manyan gidajen kasuwanci na Osaka, ta kuma kore shi daga birnin, bisa zargin cewa yana rayuwar ƙasaita da ta wuce ta ɗan kasuwa. Ka lura da kalmomin zargin: harshen daraja aka yi amfani da shi, hannun da ya zartar na iko ne, abin da aka ɗauke kuwa dukiya ce, kuma manyan sarakunan yankuna da yake bi bashi sun sami sauƙi. Haka kuma a 1789, a ƙarƙashin Matsudaira Sadanobu, aka fitar da doka ta soke tsofaffin basussukan da dillalan shinkafa na Edo, wato Tokiyo ta yau, suke bin samurai masu yi wa shogun hidima, aka kuma rage ruwan da ke kan sababbin. Abin da ya biyo baya shi ne yake nuna iyakar iko, domin dillalan da suka yi asara sun ja hannu daga ba da rance, kuma waɗanda aka yi dokar dominsu suka shiga ƙunci saboda sun rasa inda za su ranto. Hukuma tana iya share bashin jiya da takarda guda, amma ba ta iya sa mai kuɗi ya amince da wanda ya cinye masa jari.

Akwai kuma abin da wannan misali yake koyarwa game da musaya tsakanin ukun. Wasu attajirai sun riƙa biyan kuɗi ga matalautan gidajen samurai domin a ɗauki 'ya'yansu a matsayin magada, wato dukiya ta sayi daraja, amma ta bayan gida, kuma galibi ɗa ne yake cin moriyarta, ba uban da ya biya ba. Wannan jinkiri shi ne alamar da za ka riƙa nema. Gobara tana iya sauke mutum daga ajinsa a dare ɗaya, takardar sallama tana iya raba shi da ikonsa da safe, amma daraja tana daɗewa kafin ta taru, tana kuma daɗewa kafin ta zube, shi ya sa ake samun gidan da ya talauce ana ci gaba da girmama shi, da sabon mai kuɗi da ake cin abincinsa ana raina asalinsa. Weber ya lura cewa a lokutan da tattalin arziki yake tafiya a natse daraja ce take rinjaye, idan kuwa aka sami sauyi mai sauri sai aji ya fito gaba. Japan ta nuna haka bayan faɗuwar gidan Tokugawa, domin a 1876 sabuwar gwamnati ta hana samurai rataya takobi, ta kuma mayar da rabonsu takardun lamuni, kuma da yawa daga cikinsu suka shiga kasuwancin da ba su iya ba, suka karye.

Saura gyara ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka shiga jarrabawa. Littattafan koyarwa sun saba jera aji da daraja da iko kamar 'yan uwa uku masu tsayi ɗaya, alhali a wurin Weber kansa, aji da rukunin daraja da jam'iyya dukkansu hanyoyi ne da iko yake rarrabuwa a cikin al'umma. Dillalin Edo da ya hana rance yana amfani da ikon da kasuwa ta ba shi, kuma gidan da ya hana wani auren 'yarsa yana amfani da ikon da daraja ta ba shi. Saboda haka idan ka rubuta iko kana nufin ɓangare na uku kaɗai, ka ce ikon siyasa ko ikon hukuma, ka bar kalmar iko tsurarta ta tsaya a kan ma'anarta mai faɗi, ka kuma ajiye muƙami domin kujerar da ake naɗa mutum a kai.