Me ya sa ARC bai hana a ƙi saƙonmu ba?

Tambaya: Ina kula da zauren tattaunawa na imel a kan manhajar Mailman. Saƙon wasu membobi ba ya isa saboda DMARC, tsarin da ke duba ko saƙo ya fito daga yankin da ke layin From da gaske. Na kunna ARC, amma har yanzu ana ƙin wasu. Me yake yi ne takamaimai?

Amsa: Malam, ARC shaida ce kawai da sabar da ta tura saƙo gaba ke liƙa masa kan sakamakon tantancewar da ta gani, ba ta tilasta wa mai karɓa komai.

A ce memba ya aiko daga example.com, yankin da ya sa p=reject, wato umarnin a ƙi duk saƙon da ya faɗi gwajin DMARC. Saƙon ya iso sabarka lafiya, DKIM, wato sa hannun yankin mai aikawa, da SPF, wato tantance sabar da ta aiko, duk sun wuce. Sai Mailman ya ƙara sunan zaure a layin Subject, ya liƙa bayanin fita a ƙasan saƙo. Sa hannun DKIM ya karye ke nan, don abin da aka sa wa hannu ya canja. SPF kuma yanzu adireshin zaurenka yake tantancewa, wanda bai dace da na layin From ba, don haka saƙon ya faɗi gwajin DMARC a wajen mai karɓa. Haka zauruka suka sha wuya a 2014 da Yahoo ta koma p=reject.

ARC, wanda RFC 8617 ya fayyace a 2019, yana sa sabarka ta ƙara layuka uku. ARC-Authentication-Results yana rubuta abin da ta gani lokacin da saƙon ya shigo, kafin a taɓa shi. ARC-Message-Signature sa hannu ne a kan saƙon yadda ya koma bayan gyara. ARC-Seal kuma hatimi ne a kan layukan ARC kansu, naka da na waɗanda suka gabace ka, don kada wani ya sauya shaidar a hanya.

```
ARC-Seal: i=1; cv=none; d=lists.example.org; ...
ARC-Authentication-Results: i=1; lists.example.org;
  dkim=pass header.d=example.com; dmarc=pass
```

Lambar i= ita ce zango, iyakarta 50. cv= kuma sakamakon duba sarƙar hatiman da suka gabata ne. Zangon farko cv=none yake sawa; mai tura saƙon gaba zai sa i=2 da cv=pass idan sarƙar ta inganta. Da zarar an sa cv=fail, sarƙar ta mutu.

To, buɗe ainihin saƙon a wajen mai karɓa ka duba Authentication-Results. In ka ga arc=fail, ka fara zargin jerin aikinka: wata na'ura, galibi mai tace ƙwayoyin cuta ko mai liƙa sanarwa, ta taɓa saƙon bayan an sa hannu. Dole sa hannun ARC ya zama aikin ƙarshe kafin fita. Ka kuma tabbatar mabuɗin tantance sa hannunka na ARC yana cikin DNS.

In kuwa arc=pass ne amma an ƙi, mai karɓa ne bai yarda da kai ba tukuna, kuma yana da hujja, don ɗan damfara ma zai iya rubuta dmarc=pass ya buga hatiminsa. A Microsoft 365 mai kula da wancan ɓangaren yana iya saka ka cikin amintattun masu hatimi. Inda babu wannan dama, shawarata ka kunna Munge From a Mailman ga masu p=reject, wato a maye gurbin adireshin layin From da na zaure, ka bar ARC yana aiki tare da shi.