Jawabin Ɗalibi a Taron Tunawa da Malaminsa

"Kawu, barka da hutawa. Malaminmu na lissafi na firamare ya rasu. Tsofaffin ɗalibai sun shirya taron addu'a a harabar makaranta bayan arba'in, kuma ni aka zaɓa in karanta jawabi a madadinsu. Me ake faɗa, me ake bari? Ina tsoron in ɓata wa iyalinsa rai."

Ɗana, Allah ya jiƙan malaminku, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Abin da aka ɗora maka shaida ce. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, sannan ya gaya musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. To mai shaida abin da ya gani yake faɗa. Da zarar ka shiga "bango ya faɗi, babu kamarsa, ba za a sake yin irinsa ba", ka koma maroƙi, kuma abokan aikinsa da ke zaune a gaba, waɗanda suka san shi ciki da bai, za su sunkuyar da kai. Ka kiyaye kuma da yanke masa makoma. Ba a cewa yana Aljanna. Ana cewa muna kyautata masa zato, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kafin ka ɗora alƙalami a takarda, je gidan. Ka sake yin gaisuwa, ka nemi babban ɗansa ko ƙaninsa da ke riƙe da gidan, ka gaya masa an ba ka wannan aiki. A bakinsa za ka karɓi cikakken sunan marigayi da laƙabin da yake so, da shekarar da ya fara koyarwa, da makarantun da ya zauna, da lokacin da ya yi ritaya. Malamai da yawa na wancan zamani sun shiga aikin ne da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, amma kada ka ɗora masa wannan shekara don kawai ta yi daidai da sa'anninsa. Ka tambaya. Kuskuren shekara ɗaya ya isa wani dattijo ya gyara maka daga cikin taro, daga nan kuma hankalin mutane ya bar jawabin. In gidan mata biyu ne ko uku, ka ce "iyalansa da 'ya'yansa baki ɗaya". Ambaton sunan 'ya'yan ɗaki ɗaya a bar na wani ɗakin yana haifar da ɓacin ran da kan kai har ranar rabon gado. Ka tuna kuma matansa suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, saboda haka da wuya su zo, amma duk abin da ka faɗa zai isa kunnensu kafin magariba.

Tsawon jawabin kada ya wuce minti biyar. Shafi biyu ke nan da rubutun hannu manya-manya. Ka buɗe da sallama da basmala da salati, sai gaisuwa. A nan matasa ke cinye rabin lokacinsu suna jera sunaye, kuma duk da haka sai an manta wani ya ji haushi. Ka gaida mai sarauta mafi girma da ke wurin, da liman, da iyalan marigayi, da shugaban makaranta, sauran ka haɗa su da "iyayenmu malamai da sauran jama'a". Sai ka faɗi sunanka da shekarar da kuka gama da ajin da ya koyar da ku, a jimla ɗaya.

Cikin jawabin shi ne inda aikin yake. Zaɓi abu biyu da ka gani da idonka, ɗaya na cikin aji, ɗaya na halinsa. Kowa zai iya cewa malam mai haƙuri ne, mai son ɗalibai, kuma wannan magana za ta hau kan kowane malami a ƙasar nan. Amma a ce shi kan tsaya bayan an tashi ya tara waɗanda rabawa ta gagara a gindin darbejiya, ya sa su debo tsakuwa ashirin da huɗu, su kasa wa mutum shida, su ƙirga su ga kowa ya tashi da huɗu, sannan ya rubuta musu a allo. Ka faɗi wannan yadda yake, da tsakuwar da darbejiyar. Za ka ga 'yan ajinku suna gyaɗa kai, 'ya'yansa kuma su ji wani abu game da mahaifinsu da ba su taɓa sani ba, don su a gida suka san shi. Daga nan sai ka haɗa da hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ka nuna wa jama'a cewa cikin waɗannan yara akwai mai riƙe da littafin shago yau, akwai mai koyar da wasu. Ka karanta ma'anar da Hausa. In ba ka da tabbacin Larabcin, bar wa liman, don karya nassi a gaban malamai ya fi rashin kawo shi muni.

In alherin da ya yi ya shafi sirrin wani, misali ya biya wa maraya kuɗin jarrabawa, ka faɗi alherin ka ɓoye sunan, sai in mai shi ya yarda tun kafin ranar.

Maganar bulala ita ce ta fi ba ni tsoro. Tsofaffin ɗalibai suna son ta don tana sa dariya, amma taron addu'a ne, kuma an hana mu ambaton matattu da abin ƙi, tunda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ka iya cewa ba ya wasa da latti ko ƙazanta, ka tsaya nan. Haka ciwon da ya yi ajalinsa da halin da ya shiga bayan ritaya. Ko gaskiya ne an riƙe masa haƙƙinsa, wannan ba wurin faɗa da hukuma ba ne, kuma tona talaucin mutum a gaban surukansa cin fuska ne. Kada kuma zafin taro ya ɗebe ka ka yi alƙawari da sunan ƙungiya, cewa za ku ɗauki nauyin karatun marayu ko ku gina aji da sunansa. In kun zauna kun yanke, kuɗin kuma yana hannu, ka sanar. In ba haka ba, ka yi shiru, don iyalin za su riƙe maganar su zauna jira.

Akwai malaman da ba su yarda da keɓe ranar uku ko bakwai ko arba'in ba, wataƙila ma wasunsu na wurin. Kada ka taɓo wannan ko da wasa. Ka kira shi taron addu'a da tunawa kawai.

Ka rufe da neman yafiya a madadin ɗalibai, cewa kun yafe masa, kuna kuma roƙon iyalinsa su yafe muku wahalar da kuka ba shi. Sai gajeriyar addu'a: Allah ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya sa mu cika da imani. Doguwar addu'a ta liman ce, kada ka shiga gabansa.

Daren taron ka karanta takardar da ƙarfi sau biyu kana duba agogo. Duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, raba ta biyu. Ka riƙe takarda, kada ka dogara da waya, don rana kan kashe hasken fuskarta, kira kuma kan shigo. Lasifika ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bakinka. In kuka ya zo maka, ba laifi ba ne, hawaye halal ne, kururuwa aka hana. Ka dakata, ka yi salati, jama'a za su amsa, kafin su gama ka samu muryarka. Ka ajiye abokinka kusa da kai riƙe da kwafi na biyu ko da za ka kasa ƙarasawa. Bayan an shafa, ka miƙa wa babban ɗansa kwafi mai tsabta ya kai wa iyayensa mata cikin gida.

Ka turo mini abin da ka rubuta in duba kafin ranar. Ka gaida mahaifiyarka.