Kumburin pankiriyas: abinci ta baki ko ta bututu?

Tambaya: "Sabuwar ma'aikaciyar abinci ce ni a asibiti. Majiyyacinmu mai kumburin pankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, ya kwana biyu ba ci. Mu ba shi abinci ko mu sa bututu? Me zan rubuta?"

'Yar'uwa, fara da tsananin ciwon. Idan mai sauƙi ne, amai ya tsaya, ciwon ciki ya lafa, a ba shi abinci mai laushi marar maiƙo, kamar kunu ko dafaffiyar shinkafa. Ba sai sakamakon gwajin jini na lipase ya sauko ba. Barin hanji babu komai yana raunana bangonsa, ƙwayoyin cuta su tsallaka zuwa pankiriyas ɗin.

Idan ya kasa ci, ko ciwon ya taɓa ƙoda ko huhu, a sa bututu ta hanci zuwa ciki cikin awa 24 zuwa 72 da kwantar da shi. Sai amai ya ƙi tsayawa ake zarce da bututun zuwa ƙaramin hanji. Abinci ta jijiya shi ne zaɓin ƙarshe.

Ki auna nauyinsa, ki tambayi ramar da ya yi kafin zuwansa. Mashayin giya ko wanda ya daɗe ba ya ci, a duba phosphate, potassium da magnesium, a ba shi thiamine, a fara kaɗan-kaɗan. Wannan kam kada ki yi sakaci da shi.

A fayil ki rubuta dalili, misali: "Kwana 3, yana cin ƙasa da rabin buƙatarsa, amai sau biyu, babu toshewar hanji. An zaɓi bututun hanci, za a sake dubawa bayan awa 24."