Sayar da gini ba ya kashe yarjejeniyar haya

"Malam, ina da gini mai shaguna 6, duk da 'yan haya a ciki. Na samu mai saye, kuɗin kuma zan zuba a wata harka da aka ce tana ninka jari cikin wata 6. Ƙanena ke karɓar haya, na ce ya faɗa musu su nemi wani wuri. Hakan ya wadatar?"

Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Maganar ninka jari ma ba zan ɓata bakina a kanta ba. Damuwata wannan saƙon baka da ka aika.

A galibin dokoki, wanda ya sayi gini ya saye shi ne da 'yan hayarsa. Mai yarjejeniyar shekara yana nan daram har wa'adinsa ya cika, a kan kuɗin da kuka yi da shi. Wanda ba shi da wa'adi a rubuce ma sai an ba shi takardar notis, tsawonta kuwa lauyan yankinku zai gaya maka. Saƙon ƙanenka ba notis ba ne.

Kafin komai, zaunar da shi ya kawo rasit. Shin ka san wa ya biya, kuma zuwa wane wata? Na taɓa shiga tsakani a irin wannan ciniki. Mai gini ya yi wa mai saye alkawarin shaguna babu kowa, ashe ɗan'uwansa ya karɓi hayar shekara daga mutum biyu wata 4 da suka wuce, bai faɗa ba. Ranar miƙa makullai suka fito da rasit. Kowannensu yana da sauran wata 8, wato hayar wata 16 ke nan ta shiga aljihun da ba na mai saye ba. Sai da aka zabtare ta daga kuɗin ginin, aka kuma ƙara masa ragi kafin ya haƙura. 'Yan'uwan nan biyu har yau ba sa ga maciji.

Don haka rubuta wa kowane ɗan haya takarda da sunansa, da sa hannunka. Ka faɗa masa za a sayar da ginin, hayarsa tana nan har rana kaza, kuma ya ci gaba da biya inda ya saba har sai ya ga wata takarda daga gare ka mai sunan sabon mai gini. Wannan layin na ƙarshe shi ke hana ɗan damfara zuwa ya ce shi ne ya saya. Ka rubuta abin da ya biya gaba da kuɗin ajiyarsa, da cewa za su koma hannun mai saye. Masu zuwa duba gini kuma, a sanar da shi aƙalla kwana ɗaya kafin su zo. Ya sa hannu a kwafi, ka adana.

In mai saye ya nace sai babu kowa, to ko ka jira wa'adi, ko ka sasanta da 'yan haya ka mayar musu da ragowar kuɗinsu har da na ɗawainiyar tashi. Kada ka cire ƙofa ko ka yanke wuta, kotu za ka tsinci kanka.