Inshorar gini a lokacin aiki: abin da take biya da inda take tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Agege. An ba ni aikin gida mai bene ɗaya a wajen Ajah kan naira miliyan 60, amma tayil da ƙofofi da kayan wuta mai gidan ne zai saya da kansa. Lauyansa ya ce sai na yi inshorar da suke kira CAR kafin na fara haƙa. Filin yana manne da katangar maƙwabci, ga damina ta kusa. Me wannan inshora za ta biya mini idan wani abu ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan inshora tana biyan ɓarnar da ta faru kwatsam ba tare da an tsammace ta ba, a cikin filin da aka rubuta a takarda, kuma a cikin kwanakin da aka rubuta. Ana kiranta inshorar dukkan haɗurran ɗan kwangila, amma kada kalmar "dukkan" ta ruɗe ka. Ma'anarta ita ce kamfani bai lissafa haɗurran da ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai ya lissafa waɗanda ya cire, duk abin da bai shiga cikin waɗanda aka cire ba yana wuyansa. Saboda haka shafin da ya fi cancanta ka zauna ka karanta da kyau shi ne shafin abubuwan da aka cire.

Takardar kashi biyu ce. Kashi na farko ya shafi ginin kansa da kayan da aka sauke a fili, wato siminti da rodi da bulo da katako, idan gobara ko ambaliya ko iska ko rushewa ko sata ta same su. Injin kwaɓa kankare da janareto da ƙarafan da ake hawa ba sa shiga sai ka lissafa su daban da kuɗinsu, haka ma kuɗin kwashe ɓaraguzai bayan rushewa, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi alhali tifa a Legas ba ta da arha. Kashi na biyu ya shafi diyyar da doka za ta ɗora maka idan aikinka ya ji wa wani na waje rauni ko ya lalata masa dukiya.

Wurin da ƙananan 'yan kwangila suka fi faɗawa rami shi ne adadin kuɗin da suke rubutawa. Abin da ake so a rubuta shi ne cikakken kuɗin ginin a ranar da zai kammala, har da kayan da mai gida ya kawo da hannunsa, ba kuɗin kwangilarka kaɗai ba. Mu ƙaddara kayan da mai gidan zai saya sun kai naira miliyan 20. Ke nan adadin da ya dace shi ne miliyan 80. Idan ka rubuta miliyan 60 don ka rage abin da za ka biya, sannan ruwan watan Yuni ya cika ramin harsashi, ƙasa ta zabtare, bangon da aka fara ya kife, siminti ya jiƙe, aka ƙiyasta asarar a kan miliyan 8, kamfani ba zai ce ai miliyan 8 ba ta kai miliyan 60 ba don haka ga kuɗinka cif. Zai ce kashi uku cikin huɗu na darajar ginin ka sa a inshora, don haka kashi uku cikin huɗu na asarar zai ɗauka, wato miliyan 6. Daga nan kuma sai a cire kason da aka amince tun farko cewa kai za ka ɗauka a kowace asara. Idan takardarka ta ce kashi 10 cikin ɗari ne, misali, za a cire naira 600,000, ka tashi da miliyan 5 da dubu 400, sauran miliyan 2 da dubu 600 kuwa daga aljihunka za su fito. Wannan lissafin yana aiki ko da tashin farashi ne ya kawo giɓin, ba ƙoƙarin rage kuɗi ba, kuma duk wanda ya sayi siminti a 'yan shekarun nan ya san yadda farashi yake gudu ya bar ƙiyasi a baya. Maganinsa shi ne ka nemi a sa sharaɗin da ke ba da damar ƙarin wani kaso a kan adadin, kuma idan mai gida ya ƙara aiki, ka rubuta wa kamfani a ƙara adadin tun kafin wani abu ya faru.

Abu na biyu shi ne bambanci tsakanin haɗari da mummunan aiki, kuma nan ne aka fi samun saɓani a lokacin biyan diyya. Inshorar ba ta tsaya wa ingancin aikinka ba. A ce kafinta ya cire katakan da suka tokare dakin, wato rufin kankare, kafin ya yi ƙarfi, ko an yi ƙwauron siminti a kwaɓin, dakin ya rufto ya farfasa bangon ƙasa da bututun da aka riga aka shimfiɗa daidai. A yawancin takardun da ake amfani da su, kuɗin sake zuba dakin ɗin da aka yi ba daidai ba naka ne, amma bangon da bututun da aka yi su da kyau, haɗarin ya rutsa da su, kamfani zai biya. Idan kuwa kuskuren daga zanen injiniya ne, misali ya tsara harsashin da bai dace da ƙasar wurin ba, takardar da ba a yi mata ƙari ba tana cire wannan asarar gaba ɗaya. Wannan ya shafe ka sosai, domin yankin Lekki zuwa Ajah yashi ne da fadama, ruwa yana kusa da saman ƙasa, kuma wurare da yawa cike su aka yi. A ganina kuɗin gwajin ƙasa kafin a zana harsashi ya fi kowane ƙari da za ka saya a kan inshorar amfani. Ka adana sakamakon gwajin da zanen da injiniya ya sa wa hannu da izinin gini na jiha da shaidar duba matakan aiki daga LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, domin su ne abin da mai ƙiyasta asara zai fara tambaya ranar da kamfani ya turo shi.

Katangar maƙwabci kuma tana buƙatar ka yi magana da baki, kada ka ɗauka ta shiga don kawai akwai kashi na biyu. Idan bulo ya faɗo daga sama ya fasa gilashin motar maƙwabci, wannan yana ciki. Amma idan katangarsa ta tsage ko ta faɗi saboda haƙan da kuka yi ya janye ƙasar da ke riƙe da ita, ko saboda girgizar inji, takardar da aka saba bayarwa tana cire irin wannan ɓarna sai an nemi a ƙara ta a rubuce. Ka nemi wannan ƙarin, kuma kafin a sa diga a ƙasa ka ɗauki hoton katangar da bangon gidansa daga kowane ɓangare, da kwanan wata a jiki, in da hali a gabansa. Tsagar da ta shekara biyar a bango takan zama sabuwa da zarar an ga ana gini a gefe.

Leburorinka da birkiloli ba sa cikin mutanen waje. Idan ɗayansu ya faɗo daga bene, kashi na biyu ba zai biya shi ba, wannan hurumin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ne da hukumar NSITF ke gudanarwa, ko kuma wata inshora daban ta raunin ma'aikata.

Batun lokaci shi ma yana cin mutane. Inshorar tana fara aiki daga ranar da aka fara aiki ko aka sauke kaya a fili, ta ƙare a ranar da aka rubuta, ko ranar da aka miƙa gidan, ko ranar da mai gida ya tare, duk wadda ta riga zuwa. Idan ya tare a hawan ƙasa ana ci gaba da aikin sama, ɓangaren da ya shiga ya fita daga inshorar, sai ya yi tasa ta gobara. Abin da ya fi faruwa a irin aikinku kuwa shi ne kuɗi ya yanke wa mai gida a tsakiya, a kulle fili wata uku ko huɗu. Asarar da ta faru saboda an dakatar da aiki tana cikin abubuwan da aka cire, saboda haka ranar da kuka tsaya ka sanar da kamfani a rubuce, ka ji sharaɗin da za su gindaya, wanda yawanci maigadi ne da sito mai kulle, kuma ka nemi a tsawaita wa'adin kafin ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba. Game da sata, wadda aka ga alamarta, kamar ɓalle ƙofar sito, ita ake biya, tare da rahoton 'yan sanda. Buhu talatin da aka gano sun ɓace ranar ƙirga kaya, ba a san yaushe suka fita ba, ba a biyan su. Idan kuma kana fargabar samarin da ke zuwa karɓar kuɗin fili, waɗanda ake kira omo onile, su tayar da tarzoma su rusa abin da aka gina, ka tambaya ko an ƙara ɓarnar tarzoma a takardar, domin ba kullum take shiga da kanta ba.

Lauyan bai ƙirƙiro maka wahala ba. Sashe na 64 na dokar inshora ta 2003 ya wajabta inshorar alhaki a kan ginin da ake yi idan ya haura hawa biyu, kuma dokar da ta maye gurbinta a 2025 ta ci gaba da wajabta inshorar gine-ginen da ake kan yi. Ko ba doka, mai gida yana da ikon sa shi a sharaɗin kwangila. Ka nemi a rubuta sunanka da nasa tare a takardar, ka sa kuɗin inshorar cikin ƙiyasin aikin, ka bi ta hannun kamfani ko dillalin da ke da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Idan zuciyarka ta fi natsuwa da tsarin takaful, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan, sai ka tambaye su irin wannan kariya. Ka biya kuɗin gaba ɗaya ka karɓi rasit kafin aiki ya fara, domin ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya ba babu inshora, ko da takarda tana hannunka.

Ranar da ɓarna ta faru, ka kira kamfani nan take, sannan ka bi da wasiƙa. Takardu da yawa suna ba da kwana 14 ne kawai, bayan haka suna iya ƙin sauraron ka. Ka ɗauki hotuna, ka tare abin da zai ƙara lalacewa, misali ka janye ruwa ko ka tokare bangon da ya karkace, amma kada ka kwashe ɓaraguzai ko ka fara gyara kafin mai ƙiyasta asara ya zo ya gani. Idan maƙwabci ne abin ya shafa, ka je ka jajanta masa kamar yadda maƙwabtaka ta tanada, amma kada ka amsa laifi a rubuce ko ka yanka masa kuɗin da za ka biya kafin kamfani ya amince, domin yin hakan yana iya sa su zame su bar ka da alkawarin da ka ɗauka.