Manhajar ajiye fayil ta daina aiki bayan Android 11

"Na sabunta wayata daga Android 10 zuwa 11, yanzu manhajar da nake ajiye fayiloli da ita tana cewa ba ta ga komai ba. Na ba ta izinin Storage. Mene ne matsalar?"

Malam, fayilolinka suna nan, ba su goge ba. Android 11, wanda ya fito a 2020, ya rage ƙarfin tsohon izinin. Ga manhajar da aka gina don sabon tsarin, izinin Storage hotuna da bidiyo da sauti kaɗai yake buɗe mata. Alamarsa ita ce ka ga hotuna suna fitowa, amma PDF da ZIP shiru.

Shiga Settings, sai Apps, sai Special app access, ka taɓa All files access. Idan sunan manhajar yana ciki, kunna mata, ka yi Force stop, ka sake buɗewa. Wasu wayoyin sun ɓoye wurin, sai ka rubuta All files access a akwatin bincike na Settings.

Idan ba ta cikin jerin, mai ita bai nemi izinin MANAGE_EXTERNAL_STORAGE ba, wato izinin All files access ɗin, kuma ba za ka iya ƙara mata shi ba. Duba sabuwar siga a Play Store. Shi kuwa Android/data, inda manhajoji ke ajiye nasu fayilolin, ko da wannan izinin a rufe yake.

Don Allah kada ka danna Clear data, saitunanka za su tafi a banza.